Daga Hoton Waya Zuwa Kan Ɗalibi: Yadda Ake Warware Lissafi Mataki-Mataki

Da zarar jarrabawar WAEC da NECO ta ƙarato, duk wanda aka san yana taɓa lissafi a gida ko a unguwa wayarsa ba ta hutawa. Ƙane ko ƙanwa za su ɗauki hoton fuskar waya daga tarin tsofaffin tambayoyin da ke yawo a WhatsApp, su turo, su rubuta a ƙasa: "Yaya, don Allah a taimaka min da wannan." Yawancinmu abin da muke yi shi ne mu ja takarda, mu yi layi uku, mu tura amsa. Yaron ya yi godiya, ya kwafe, gobe kuma ya turo wata tambayar irinta sak, lambobi kawai aka canza. Amsar ta isa wayarsa, hanyar ba ta shiga kansa ba.

Aikin yana da rabi biyu, kuma kowanne yana da inda ake faɗuwa. Rabin farko shi ne tabbatar da abin da hoton ke tambaya. Rabi na biyu shi ne rubuta warwarar yadda yaro zai iya bin ta shi kaɗai da dare, babu wanda zai tambaya. Za mu ɗauki tambaya guda irin ta 'yan aji biyu na babbar sakandare, mu bi ta har ƙarshe.

A ce hoton ya nuna umarni a sama, "Solve the equation", a ƙarƙashinsa kuma lamba 6 tana bisa layin rabawa, ƙasan layin akwai x − 1. Sai alamar ɗebewa, sai 4 bisa wani layin, ƙasansa x. Sai alamar daidai, sai 1. Idan za a rubuta ta a layi ɗaya, ga ta:

```
6/(x − 1) − 4/x = 1
```

Kafin a taɓa lissafin, a buɗe hoton a faɗaɗa shi da yatsu. Hoton da ya bi ta hannu biyar ko shida, wannan ya ɗauka daga wayar wancan, yakan dushe, kuma abubuwan da suka fara ɓacewa su ne ƙanana: alamar ɗebewa, ɗigo, da ƙaramar lambar da ke zama a kafaɗar harafi. Ita x² takan koma kamar x2 ko ma x kawai. 1 da 7 sukan yi kama, haka 5 da harafin s. A lissafi kuwa waɗannan ƙananan abubuwa ne ke riƙe da ma'anar duka. A tambayarmu, da ɗan datti ko dushewa za su sa ka karanta alamar ɗebewar da ke tsakiya a matsayin tarawa, za ka ƙare a kan x² − 11x + 4 = 0, wanda babu wasu cikakkun lambobi da ke warware shi. Za ka sha wahala, ka tura amsa mai dogon ɗigo, kuma duk ba ita aka tambaya ba.

A kuma duba gefunan hoton. Yara sukan yanke hoto su bar tsakiya kawai, don a ganinsu nan ne lissafin yake. Amma layin da aka yanke yakan ɗauki umarni mai nauyi. Idan tambaya ta ce "correct to two decimal places", ta gaya maka tun farko cewa amsar ba cikakkiyar lamba ba ce, kada ka ɓata lokaci wajen neman ta ta hanyar rarrabawa. Idan ta ambaci hanyar da za a bi, to ita za a bi, ko da kana da wata mafi sauƙi. Idan ka ga kan wasu haruffa a bakin hoton, ko ka ga (b) babu (a), ka ce a sake turo cikakken shafin. Idan kuma dushewa ce matsalar, a turo shi ta zaɓin "Document" na WhatsApp, don ta nan ba a rage wa hoto haske.

Bayan ka gamsu, saƙonka na farko kada ya zama warwara. Ka sake rubuta tambayar da hannunka, ka tura, ka ce: "Ƙanwata, haka take a wurinki? Shida a raba da x ban da ɗaya, a ɗebe huɗu a raba da x, ya ba da ɗaya?" Wannan ba ya cin minti guda, amma yana hana aikin banza, yana kuma tilasta wa ɗalibar ta sake duban tambayar da idon basira.

Akwai tarko babba a wajen sake rubutawar, kuma masu ilmi ma suna faɗawa. A takarda, layin rabawa dogo ne, yana lulluɓe x − 1 gaba ɗaya, ido yana ganin cewa su biyun a ƙasa suke. A allon rubutu na waya babu dogon layi, sai karkataccen nan. Wanda ya yi gaggawa zai rubuta haka:

```
6/x − 1 − 4/x = 1
```

Wannan wata tambaya ce daban. A ƙa'idar lissafi rabawa tana gaba da ɗebewa, saboda haka abin da aka rubuta yana nufin a raba 6 da x kaɗai, sannan a ɗebe 1. Idan ka warware ta za ka samu 2/x = 2, wato x = 1. Ka lura da abin da ya faru: x = 1 ita ce lambar da ainihin tambayar ba za ta taɓa karɓa ba, don za ta mai da ƙasan layin farko sifili. Baka biyu da aka manta sun kai mutum ga amsar da ta fi kowace kuskure. Shi ya sa na fi son a rubuta warwara a takarda da biro mai duhu, a ɗauki hotonta a wuri mai haske, a tura. Ɗalibi zai ga layin rabawa yadda zai rubuta shi a ɗakin jarrabawa. Idan dole sai an buga a waya, to duk abin da ke ƙasan layi a kulle shi cikin baka.

Yanzu warwarar. Ƙa'idar da nake riƙe da ita ɗaya ce: kowane layi aiki guda, kuma a gefen kowane layi a faɗi abin da aka yi da dalilinsa. Mai ilmi yana haɗa aiki uku a kansa ba tare da ya sani ba, don ya saba. Ɗalibi kuwa a tsakanin layi da layi yake ɓata, a wurin da ba a rubuta komai ba.

Layin farko ba lissafi ba ne, sharaɗi ne. Ba a raba lamba da sifili. A ƙasan layukanmu akwai x − 1 da x, don haka x ba za ta zama 1 ba, ba kuma za ta zama 0 ba. A rubuta wannan a sama, a ajiye shi, za a dawo gare shi.

Sai a gaya wa ɗalibi inda aka dosa kafin a tashi. Abin da ke ba da tsoro a tambayar shi ne layukan rabawa, don haka aikinmu na farko mu kawar da su. Hanyar ita ce a nemo abin da x − 1 da x duk za su iya raba shi, wanda malamansu ke kira LCM. A nan shi ne x(x − 1). Za mu ninka kowane yanki da shi, har da wanda ke bayan alamar daidai:

```
x(x − 1) × 6/(x − 1) − x(x − 1) × 4/x = x(x − 1) × 1
```

Wannan layin yana da tsawo, yana da muni, kuma shi ne wanda kusan kowa ke tsallakewa. Ni kam ina ganin babu layin da ya fi shi amfani a duk warwarar. A nan ne ɗalibi zai gani da idonsa cewa a yankin farko x − 1 na sama ta soke ta ƙasa, saura x sau 6. A yanki na biyu x ta soke x, saura x − 1 sau 4. A hannun dama babu abin sokewa. Idan a takarda ne, a ja layin sokewar da biro mai wani launi. Abin da ya rage:

```
6x − 4(x − 1) = x(x − 1)
```

Me ya sa dole a ninka hannun dama shi ma? Alamar daidai kamar sikelin mai sayar da nama ce: abin da ke wannan faranti nauyinsa ɗaya da na wancan. In ka ninka ɗaya ka bar ɗaya, sikelin ya karkace. Yara da yawa suna mantawa da 1 ɗin nan don ba shi da layin rabawa, suna ganin ba ruwansa. Sai su rubuta 6x − 4(x − 1) = 1, su samu x = −3/2, amsa guda tak, cikin sauƙi, su yi murna. Idan ka ga −3/2 a takardar ɗalibi, ba sai ka yi dogon bincike ba, ka san inda ya zame.

Mataki na gaba shi ne buɗe baka, kuma a nan ya kamata mai koyarwa ya rage gudu sosai. Abin da ke gaban bakan ba 4 ba ne, −4 ne. Alamar ɗebewa tare da lambar take tafiya, kuma za ta taɓa duk abin da ke ciki. A rubuta su ɗaya-ɗaya a gefe: −4 sau x ya ba da −4x. −4 sau −1 ya ba da +4, don alamar ɗebewa biyu idan aka ninka su tarawa suke haifarwa. A dama, x sau x ya ba da x², x sau −1 ya ba da −x.

```
6x − 4x + 4 = x² − x
2x + 4 = x² − x
```

Ɗalibin da ya rubuta −4 a maimakon +4 zai ci gaba da aiki daidai a duk sauran layukan, amma zai tsinci kansa gaban x² − 3x + 4 = 0. Zai nemi lambobi biyu da za a ninka su ba da 4, a tara su ba da −3, ba zai samu ba. Zai gwada −1 da −4 ya ga −5, ya gwada −2 da −2 ya ga −4, ya gaji ya ce tambayar ce ba daidai ba. Yana da kyau a koya masa wannan alama tun yanzu. Idan tambayar da ba ta ambaci ɗigo ba ta ƙi rarrabuwa, kafin ya zargi littafi, ya koma layin buɗe baka ya duba alamominsa. Galibi ɓarnar tana nan.

Tunda x² ta bayyana, mun shiga nau'in da ake kira kwadiratik, kuma hanyarsa ita ce a tattara komai a hannu ɗaya, ɗaya hannun ya zama sifili. A nan akwai wata magana da ta zama jiki a ajujuwanmu: "in lamba ta tsallaka, sai ta canza alama." Maganar tana aiki a wannan wuri, amma ba na son a koyar da ita ita kaɗai. Yaron da ya haddace ta ba tare da dalili ba, ranar da ya ga 2x = 10 zai tsallakar da 2 ya mai da shi −2, ya samu 8 ko −5. Gara a faɗi abin da ake yi a zahiri: mun ɗebe 2x daga hannu biyu, mun kuma ɗebe 4 daga hannu biyu.

```
0 = x² − x − 2x − 4
x² − 3x − 4 = 0
```

A nan ma a tsaya a ce −x da −2x sun haɗu sun zama −3x. Wasu yaran suna ganin −x kamar babu lamba a gabansa, ba su san 1 ne a ɓoye ba. Juya layin da aka yi, sifili ya koma dama, bai canza komai ba, kuma yana da kyau a faɗi hakan a fili, don wani zai tsaya yana neman alamar da ta kamata ta canza.

Yanzu rarrabawa. Muna neman lambobi biyu waɗanda idan aka ninka su za su ba da −4, idan aka tara su kuma su ba da −3. Kada a jefa wa ɗalibi lambobin kamar daga sama suka faɗo. A nuna masa neman. Tunda abin da ninkawar ta bayar yana ƙasa da sifili, ɗaya daga cikin lambobin tana da alamar ɗebewa, ɗaya ba ta da ita. Zaɓin uku ne: 2 da −2, tarawarsu 0. 4 da −1, tarawarsu 3, ta yi kusa amma alamar ba ta yi ba. −4 da 1, tarawarsu −3. Wannan ce.

```
(x − 4)(x + 1) = 0
```

Layi na gaba yana da dalilin da ba kasafai ake faɗa ba, alhali a kansa duk hanyar ta tsaya. Idan aka ninka lambobi biyu aka samu sifili, tilas ɗaya daga cikinsu sifili ce. Babu wata lamba da ke da wannan hali sai sifili. Da a ce hannun dama 6 ne, ba za mu iya cewa komai ba, don 2 sau 3 shida ne, 1 sau 6 ma shida ne, 12 sau rabi ma haka. Wannan ne ya sa muka sha wahalar tattara komai hannu ɗaya. Ɗalibin da ya fahimci wannan ba zai taɓa ganin x(x − 3) = 4 ya rubuta x = 4 ko x − 3 = 4 ba.

```
x − 4 = 0  ko  x + 1 = 0
x = 4  ko  x = −1
```

A koma kan sharaɗin da aka ajiye a sama. Babu 0 babu 1 a cikin amsoshin, don haka duka biyun sun tsira. Wani zai ce to mene ne amfanin sharaɗin? Amfaninsa yana fitowa a tambaya irin x²/(x − 1) = 1/(x − 1). Idan aka ninka hannu biyu da x − 1 za a samu x² = 1, wato x = 1 ko x = −1. Amma 1 haramtacciya ce tun farko, don haka amsar −1 ce kaɗai. Wanda bai rubuta sharaɗi ba zai miƙa amsa biyu, ɗaya ta bogi.

Saura gwaji, kuma a ainihin tambayar da ke cikin hoton ake yin sa, ba a wani layi na tsakiya ba. Idan ka gwada a x² − 3x − 4 = 0, abin da ka tabbatar kawai shi ne rarrabawarka ta yi. Kuskuren da ka yi a sama ba zai bayyana ba. Sa 4 a tambayar farko: 6 a raba da 3 ya ba da 2, 4 a raba da 4 ya ba da 1, 2 ban da 1 saura 1. Daidai. Sa −1: 6 a raba da −2 ya ba da −3, 4 a raba da −1 ya ba da −4, sai −3 − (−4), wato −3 + 4, ya ba da 1. Daidai. Mai −3/2 da ya yi wannan gwajin da ya samu kusan 0.27 a maimakon 1, ya gane da kansa akwai gyara. Yara sukan tsorata da amsa mai alamar ɗebewa su jefar da ita. A gaya musu a tambaya irin wannan tana da cikakken matsayi. Sai idan x tana wakiltar abin da ba ya yin ƙasa da sifili, kamar yawan mutane ko tsawon fili, sannan ake ajiye ta, kuma a rubuta dalilin ajiyewar.

Duk wannan tsawaitawa tana da riba a ranar jarrabawa. A takarda ta biyu ta lissafin WAEC, wadda ake rubuta warwara, ana ba da tambayoyi 13 a amsa 10 cikin awa biyu da rabi. Masu duba takardun ba amsar ƙarshe kaɗai suke ba maki ba. Akwai makin hanya, wanda suke yi wa alama da M, akwai makin daidaiton amsa, mai alamar A, kuma na biyun yana rataye ne a kan na farko. Ɗalibin da ya nuna ya ninka da LCM, ya tattara, ya kama hanyar warwarewa, sannan ya zame a alama ɗaya, zai fita da wani abu. Wanda ya rubuta 4 da −1 tsurarsu babu aiki yana iya tashi hannu wofi, ko da amsar daidai ce. Idan muka saba tura wa ƙannenmu amsa a layi biyu, irin rubutun da za su kwaikwaya ke nan.

Akwai kuma batun harshe. Tambayar da Turanci take zuwa, da Turanci kuma za a amsa ta, amma yaro da Hausa yake tunani. Abin da ya fi dacewa shi ne layukan lissafin su zauna yadda za a rubuta su a jarrabawa, bayanin gefe kuma ya zo da Hausa. Idan bayanin ya yi tsawo, a yi saƙon murya, amma a sa wa layukan lamba tukuna, don a iya cewa "duba layi na huɗu, ka ga inda −4 ya shiga baka?" Lambar layi tana taimaka wa ɗalibin shi ma. Maimakon ya ce "Malam, ban gane ba", wanda ba ya nuna komai, zai ce "daga na uku zuwa na huɗu ne na ɓata", kai kuma ka san inda za ka sa hannu.

Wani abu da ya fi tura warwara gaba ɗaya amfani shi ne a fara tambayar ɗalibi ya turo hoton ƙoƙarin da ya yi, ko da layi biyu ne. Daga abin da muka gani a sama, takardarsa za ta faɗi ciwonsa. Idan 1 ya samu, karatun layin rabawa ne matsalarsa. Idan −3/2 ne, ya manta da hannun dama. Idan ya maƙale a x² − 3x + 4 = 0, alamar ɗebewa a gaban baka ce. Kowanne maganinsa daban, kuma babu amfanin yi wa yaro dogon bayanin rarrabawa alhali a buɗe baka ya faɗi.

Idan an gama, kada a tambaye shi ko ya gane, don kunya za ta sa ya ce e. A ba shi wata mai irin ginin, a canza lambobi:

```
6/(x − 2) − 5/x = 1
```

A ce ya rufe warwarar farko, ya yi wannan a takarda, ya fara da sharaɗi, ya gama da gwaji, ya turo hoton. Duk ramukan da ke cikin ta farko suna nan: dogon layin rabawa, 1 a hannun dama, da −5 a gaban baka wanda zai haɗu da −2 ya ba da +10. Idan ya bi daidai zai iso x² − 3x − 10 = 0, ya samu x = 5 ko x = −2. Idan kuma ya iso x² − 3x + 10 = 0, a mai da shi layin buɗe baka, a sa shi ya ninka −5 da −2 a gefe shi kaɗai kafin ya ci gaba.